Giyar Kwanciya: Me Ya Sa Ido Ke Bushewa Da Ƙarfe Uku Na Dare?

Duk wanda ya taɓa kwana a Daura cikin watan Afrilu ya san yadda daren bazara yake. Rana ta faɗi tun tuni, amma bango yana ta amayar da zafin da ya sha tun hantsi, ɗaki ya zama kamar tanderu. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai a fito da tabarma tsakar gida, a yi ta juye-juye ana fifita. Ga tunanin kuɗin makaranta, ga na hatsi, ga iyali da aka baro a gida can nesa. A irin wannan hali ne akan ji mutumin kirki, wanda ba a taɓa ganinsa yana tangaɗi a titi ba, ya ce: "Ni fa ba mashayi ba ne, 'yar kaɗan nake kurɓa don in sami barci."

Ba mu zo yau don mu sake buɗe muhawarar ko shan giya ya halatta ba. Ikilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya a kan wannan ba, waɗansu sun hana ɗungum, waɗansu sun ce a yi da kamewa, kuma fastoci da dattawa sun fi mu sanin yadda za su bi da shi. Tambayarmu ƙarama ce, ta jiki: shin gaskiya ne giya tana kawo barci? Amsar ita ce i, tana kawowa, kuma bai kamata mu ƙaryata mai faɗin haka ba, gama abin da yake ji a jikinsa ne. Amma kashi na farko na labarin kawai ya faɗa. Tambaye shi ƙarfe nawa yake farkawa, za ka ji ya ce wajen uku na dare idonsa yakan bushe, ba ya sāke samun barcin kirki har ladanai su fara kiran asuba. Yawanci bai taɓa haɗa wannan farkawa da abin da ya sha ba. Yakan ɗora laifin a kan zafi, ko tsufa, ko damuwa, wani ma har ya fara zargin ko an yi masa jifa.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta shafi ƙasar Daura musamman. Tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta kafa dokokin Shari'a aka hana sayar da giya a fili. Ba a zaman mashaya da la'asar a Daura ko Sandamu ko Zango ko Baure yadda ake yi a waɗansu garuruwan kudu, ko a tsallaken iyaka ta hanyar Kongolam zuwa Damagaram. A ganina, wannan ya sa wanda yake sha a nan yakan bari sai dare ya yi, ƙofa a rufe, ya sha da sauri, sau da yawa kuma mai ƙarfi ce a ƙaramin mazubi da ba ya wuyar ɓoyewa, daga nan sai shimfiɗa. Watau ya sha ta a daidai lokacin da ta fi ɓata barci.

Barci ba dunƙule ɗaya ba ne

Kafin mu gane abin da giya take yi, sai mun san yadda barci yake tafiya in ba a taɓa shi ba. Mutanen dā, har da likitoci, sun ɗauka barci kamar kashe fitila ne, a kashe da dare a kunna da safe. A shekarar 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Chicago ta Amirka mai suna Eugene Aserinsky, tare da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka bayyana cewa akwai lokuta cikin dare da ƙwayar idon mai barci take motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwarsa kuma tana aiki kamar yana farke. In aka tashe shi a wannan lokaci, yawanci zai ce mafarki yake yi. Mu kira wannan barcin mafarki.

Daga nan aka gane cewa dare zagaye-zagaye ne. Mutum yakan fara da barci marar nauyi, ya gangara zuwa barci mai nauyi, irin wanda ko ganga aka kaɗa ba zai ji ba, sa'an nan ya hauro ya shiga barcin mafarki. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kimanin minti 90, ana kuma yin huɗu ko biyar kafin gari ya waye. Abin lura shi ne zagayen ba iri ɗaya ba ne. A rabin farko na dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, mafarkin farko bai cika wuce minti goma ba. A rabi na biyu kuwa barci mai nauyi ya kusa ƙarewa, barcin mafarki ne yake ta tsawo, na dab da asuba yakan kai rabin awa ko fiye. Saboda haka ko a wurin lafiyayyen da bai sha kome ba, rabin dare na biyu ya fi rauni. Kukan jaki ko carar zakara ta isa ta tashe shi. A riƙe wannan, domin a kan wannan raunannen ɓangare ne giya take sauke kayanta.

Abin da take bayarwa da farko

Ƙwaƙwalwa tana da abin da za mu iya kwatantawa da birki da totur na mota. Akwai sinadaran da suke kwantar da jijiyoyi, akwai masu zaburar da su. Giya tana ƙara wa birki ƙarfi, tana kuma danne totur, duka a lokaci ɗaya. Shi ya sa tunanin da yake ta kai da komo a zuciya yakan lafa, kafaɗu su saki, ido ya yi nauyi.

Akwai kuma wani sinadari mai suna adenosin, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya tashi da safe. Yawansa ne yake sa a ji barci ya zo, kamar randa ce da ake ɗura wa ruwa duk yini, barci kuma shi ne yake kwashe ruwan. Binciken da Mahesh Thakkar da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Missouri ya nuna giya tana ƙara yawan wannan sinadari a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum a farke. Sai jiki ya ɗauka randa ta cika maƙil, ya faɗa barci mai nauyi da sauri.

A shekarar 2013 likita Irshaad Ebrahim na wata cibiyar barci a London da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan lafiyayyun mutane, suka ga bakin binciken ya zo ɗaya: kowane yawan giya aka sha, ana saurin yin barci, rabin farko na dare yana yin nauyi, rabi na biyu kuma yana yankewa. Sun kuma ga giya tana jinkirta barcin mafarki, in ta yi yawa ta rage shi. To, mai cewa tana sa shi barci bai yi ƙarya ba. Matarsa ma za ta ba da shaida cewa da ya kwanta sai minshari.

Sai dai ko wannan barcin farko ba hutu ba ne cikakke. A ƙasar Finland, a wani bincike da aka buga a 2018, an auna bugun zuciyar ma'aikata 4,098 a awa uku na farkon barcinsu, aka gwada daren da kowa ya sha da daren da bai sha ba. Wanda ya sha kaɗan, hutun jikinsa ya ragu da kimanin kashi 9 cikin ɗari. Wanda ya sha matsakaici, kashi 24. Wanda ya sha da yawa, kashi 39. Mutum yana kwance kamar gawa, amma zuciyarsa tana gudu fiye da yadda ya kamata ta yi a cikin barci.

Lissafin hanta

Yanzu bari mu ɗauki misali mu bi shi awa-awa. A ce ga wani malamin makarantar sakandare da aka turo aiki ƙasar Daura, shekarunsa sun kai hamsin, nauyinsa kilo 70. Yakan kwanta ƙarfe goma da rabi, ya tashi biyar da rabi, watau awa bakwai a kan shimfiɗa, tsakiyar darensa kuma ƙarfe biyu ne. A wannan dare ya sha manyan kwalabe biyu na giya, ya fara ƙarfe takwas, ya gama wajen goma.

Babbar kwalba tana ɗaukar mililita 600, kuma a jikin takardarta akan rubuta cewa kashi 5 cikin ɗari ne tsantsar barasa. Kashi 5 na 600 shi ne mililita 30. Barasa ba ta kai ruwa nauyi ba, mililita ɗaya kimanin giram 0.8 ce, don haka kwalba ɗaya tana ɗauke da giram 24. Kwalba biyu, giram 48.

Hanta ce take ƙone kusan dukan wannan barasa, kuma tana da halin da ya kamata kowa ya sani: ba ta sauri don aiki ya yi yawa. Kamar injin niƙa ne mai cin mudu ɗaya a lokaci guda, ko buhu aka kawo masa ko kwano. A jikin mutum mai kilo 70, hanta takan ƙone kimanin giram 7 a awa. Wani ya ɗan fi haka, wani ya ɗan gaza, amma wanka da ruwan sanyi, ko shayi mai kauri, ko tauna goro, ba su ƙara mata sauri ko kaɗan. To, raba 48 da 7, ka sami kusan awa bakwai. Ƙirga awa bakwai daga ƙarfe takwas. Ƙarfe uku na dare ke nan.

Ga yadda daren malamin zai kasance. Ƙarfe goma da rabi barasa tana kan ganiyarta a jininsa, cikin 'yan mintoci ya yi barci. Daga nan zuwa wajen ƙarfe ɗaya barcinsa mai nauyi ne ƙwarai, mafarkin da ya kamata ya zo wajen sha biyu ya makara ko ya gajarce. Duk wannan lokaci hanta tana ta aikinta, barasa tana raguwa giram bakwai-bakwai. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta zauna haka kawai ba. Da ta ji an danne ta, sai ta shiga turjiya don ta daidaita kanta, ta rage ƙarfin birki, ta ƙara taka totur. Muddin barasa tana nan, ƙarfin biyu suna kashe juna. Amma da ta fara ƙarewa wajen ƙarfe biyu zuwa uku, sai a bar turjiyar ita kaɗai. Kamar mutum biyu ne suna tura ƙofa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, na waje ya janye ba sanarwa, na ciki ya fito da ƙarfi har ya faɗi. Zuciya ta ɗau bugu, gumi ya keto, ido ya buɗe tar.

Ƙari ga haka, randar adenosin da giya ta sa aka kwashe da wuri ta riga ta yi ƙasa, babu sauran nauyin barci da zai danne shi ya koma. Barcin mafarkin da aka hana shi da farko kuma sai ya zo da yawa kamar mai bin bashi, da mafarkai masu tsanani, waɗansu na ban tsoro. Malam ya yi gyangyaɗi minti ashirin, ya farka, ya juya, ya sāke gyangyaɗi. Da yawa daga cikin waɗannan farkawa ma ba zai tuna da su da safe ba. Abin da zai sani kawai shi ne ya yi awa bakwai a kwance amma ya tashi kamar wanda ya yini noma, ransa kuma a ɓace tun kafin ya shiga aji.

Mai karatu zai iya yin wannan lissafi da kowane abin sha. Baƙar giya mai ɗaci a Nijeriya takan kai kashi 7.5, babbar kwalbarta ɗaya giram 36 ce, awa biyar ke nan na aikin hanta. Ƙaramar ledar barasa mai zafi, irin wadda hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hanawa a 2024, in mililita 30 ce mai kashi 40, tana da kusan giram 10. Ƙanƙanta ce a ido, amma biyar daga cikinta sun kai kwalba biyun malam. Burukutu ita ce mai wuyar lissafi, gama ƙarfinta ya danganta da hannun mai dafawa da kuma yawan kwanan da ta yi, ƙwarya kuma ba ta da awo. Mace, da mai ƙaramin jiki, da tsoho, barasa iri ɗaya takan fi hawa a jininsu, don haka abin da ya ɗan taɓa ƙato su yakan yi musu ɓarna sosai.

Wani zai ce, to ai dabara ta samu, sai in ƙara don kada ta ƙare sai asuba. Mu lissafa wannan ma. Direban da ya sha kwalba huɗu daga ƙarfe bakwai na yamma ya zuba giram 96 a jikinsa. Ƙarfe shida na safe, sa'ad da yake tayar da mota zai kama hanyar Kazaure zuwa Kano, awa goma sha ɗaya ce ta wuce, hanta ta ƙone giram 77. Saura kusan giram 19, watau yana tuƙi da kusan kwalba guda a jininsa, ga barcin mafarki da ya rasa kusan duka, ga fasinjoji a bayansa. Bai gyara barcinsa ba, ya dai matsar da lokacin biyan bashin zuwa kan titi.

Mafitsara da maƙogwaro

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai take tayar da mutum ba. Da dare jiki yakan saki wani sinadari da yake umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa lafiyayye yake iya kwana bai fita fitsari ba. Barasa tana toshe wannan umarni. Ga kuma ruwan da aka sha, kwalba biyu sun fi lita ɗaya. Mafitsara takan cika a daidai lokacin da barci ya yi rauni. A lokacin bazara, da mutum ya riga ya yi asarar ruwa ta gumi tun rana, sai ya farka da mafitsara cike, maƙogwaro kuma a bushe, kai yana sarawa. A lokacin hunturu kuwa wata yaudara ce take aiki. Giya tana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, sai a ji ɗumi, alhali zafin jiki ne yake fita waje. Mai gadi da ya sha don maganin sanyin Janairu, can cikin dare shi ne zai fi kowa rawar ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙogwaro. Barasa tana saki naman da yake riƙe hanyar numfashi a buɗe, don haka wanda ba ya minshari yakan fara, mai yi kuma nasa ya ƙaru. Akwai mutanen da hanyar numfashinsu takan rufe gaba ɗaya cikin barci, yawanci masu ƙiba da kaurin wuya. Za a ji minshari mai ƙarfi, sai shiru na daƙiƙa goma ko ashirin ko fiye, sa'an nan ya zabura da wani irin gurnani kamar an shaƙe shi. Giya tana ƙara yawan wannan ɗaukewar numfashi da tsawonta, tana kuma sa ƙwaƙwalwa ta yi jinkirin tayar da shi. Wannan ciwo yana tafiya tare da hawan jini da ciwon zuciya. Mai shi ba ya sani, uwargida ce take sani. Iyayenmu mata, in kun lura da wannan shiru a barcin maigida, ku faɗa masa, ku kuma bi shi asibiti ku faɗa wa likita da bakinku, gama shi zai ce lafiyarsa lau.

Yadda ɗaya take zama biyu

Da a ce amfanin rabin farko yana ɗorewa, da wani zai ce ciniki ne, a ba da asuba a karɓi farkon dare. Amma ba ya ɗorewa. Timothy Roehrs da Thomas Roth na asibitin Henry Ford da ke Detroit sun daɗe suna nazarin wannan, kuma sun nuna cewa in ana sha kowane dare, cikin kwana uku zuwa shida jiki yakan saba, saurin barci da nauyinsa su koma yadda suke dā. Masu fama da rashin barci da aka gwada, da suka saba sai suka fara ƙara yawan abin da suke zuba wa kansu. Yankewar rabi na biyu kuwa tana nan ba ta tafi ba.

A nan ƙasarmu akwai abin da yake ƙara ɗaure igiyar, shi ne goro da shayi. Malam ya tashi a gajiye, ya tsaya wurin mai shayi, da rana ya sa goro a baki, da la'asar barci ya kama shi ya ƙara wani. Goro da ganyen shayi suna ɗauke da kafeyin, aikin kafeyin kuwa shi ne toshe wurin da adenosin yake zama, watau yana rufe wa ƙwaƙwalwa ido kada ta ga randa ta cika. Yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Goron ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan ƙarfe goma na dare. Sai barci ya ƙi zuwa, sai a nemi kwalba ta kashe goro, da safe a nemi goro ya kashe kwalba. Mutane da yawa da suka wayi gari ba sa iya rabuwa da giya, ba a wurin biki suka fara ba, a bakin gado suka fara.

Yaya mutum zai gane?

Farkawar tsakar dare ba giya kaɗai ke kawo ta ba. Ciwon sukari yana sa yawan fitsari, haka ma ciwon mafitsara na dattawa maza. Ƙwannafi yana tayar da mutum, baƙin ciki mai tsanani kuma an san shi da tayar da mai shi tun kafin asuba. Amma ta giya tana da alamunta: saurin yin barci kamar an buge mutum, farkawa awa huɗu ko biyar bayan kwanciya, bugun zuciya da gumi da ƙishi, mafarkai masu rikici wajen asuba.

Wanda shansa bai wuce kwalba ɗaya ko biyu ba zai iya gwada kansa da takarda da fensir. Ya yi mako guda yana rubuta abin da ya sha da lokacin da ya fara, lokacin da ya kwanta, lokacin da ya farka, da yadda ya ji da hantsi. Sa'an nan ya yi mako biyu bai sha ba, ya kuma daina goro da shayi daga azahar, yana ci gaba da rubutu. Dole in yi gargaɗi a nan, domin a wannan gaɓa ce yawanci ake karaya: dare uku ko huɗu na farko za su fi na dā muni. Barci zai ƙi zuwa da wuri, mafarkai za su yi yawa, gama ƙwaƙwalwa tana nan tana tura ƙofar da babu kowa a bayanta. Wanda ya yanke hukunci a dare na biyu zai ce, ka gani, ai dama giyar ce take taimakona. A bar kwanakin farko, a gwada mako na biyu da makon da ake sha. Abin dubawa ba saurin yin barci ba ne, sau nawa aka farka bayan ƙarfe biyu, da kuma yadda jiki yake da ƙarfe goma na safe.

Akan ba da shawara cewa mai sha ya bar tazarar awa uku ko huɗu kafin kwanciya. Ya fi babu, amma lissafinmu ya nuna iyakarsa, awa uku da rabi ta kwalba ɗaya ce tak. Har ma a Zurich ta ƙasar Suwizalan, a 1996, Hans-Peter Landolt da abokan aikinsa sun ba dattawa maza giya awa shida kafin su kwanta. Lokacin kwanciya na'ura ba ta ga sauran barasa a numfashinsu ba, duk da haka farkawarsu a rabin dare na biyu ta ƙaru. Turjiyar ƙwaƙwalwa takan daɗe fiye da barasar da ta tayar da ita.

Idan barci ya ƙi zuwa a makon gwaji, kada a kwanta ana kokawa da shi ana duba agogo. Bayan kamar minti ashirin a tashi, a zauna wuri mai ɗan duhu, a koma shimfiɗa sai ido ya yi nauyi. A riƙe lokacin tashi ɗaya kowace safiya ko da daren bai yi kyau ba, a kuma taƙaita barcin rana, domin randar ta cika da kanta kafin dare. A bazara, watsa ruwa kafin kwanciya da kwana a waje cikin gidan sauro suna taimakon jiki ya huce, barci kuwa ba ya kama mutum sosai sai zafin jikinsa ya ɗan sauka.

Akwai abu biyu da ba na gwaji ba ne. Na farko, kada a haɗa giya da ƙwayar barci irin su baliyam, ko maganin tari mai kodin, ko taramadol. Dukansu birki ɗaya suke takawa, har da na numfashi, kuma haɗuwarsu ta kashe mutane cikin barci. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari shi ma ya kiyaye, gama hanta in ta shagala da ƙone barasa ba ta sakin sukari cikin jini, yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai da tsakar dare, na kusa da shi su ɗauka maye ne.

Na biyu, wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, wanda hannunsa yake rawa da safe sai ya kurɓa ya daidaita, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, kome kyawun niyyarsa, kuma kada 'yan'uwa su kulle shi da sunan taimako. Turjiyar nan da take tayar da malam ƙarfe uku, a jikin irin wannan mutum ta yi ƙarfin da za ta iya kawo farfaɗiya cikin kwana biyu na farko, a rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, wanda yakan kai ga mutuwa in ba a yi magani ba. Akwai maganin da likita yake bayarwa yana ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki. A fara da asibitin gwamnati da ke Daura, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A gaya wa likita ainihin yawan abin da ake sha da lokacin da aka yi shan ƙarshe, domin da wannan ne zai auna maganin. Barcin irin wannan mutum yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya daidaita bayan ya daina, kuma a cikin waɗannan watanni rashin barcin ne ya fi mai da mutane ga kwalba, saboda haka a koma wurin likita a faɗa masa tun kafin a kai ga haka.